Tambayoyi da amsoshi: yadda ake ɗaure kowace shawara da abin da aka gano cikin rahoton odit na cikin gida

Tambayoyin nan na tara su ne daga wajen ƴan istaj da sababbin masu odit da muke aiki tare a Yamai, da wasu abokan aiki na Tahoua da ke turo mini daftarin rahotonsu in duba kafin ya hau teburin darakta. Kusan kullum abu guda ne ke dawowa. Rahoton namu da Faransanci muke rubuta shi, amma muhawarar da ake yi a biro da Hausa ake yinta, shi ya sa na amsa da Hausa. Misali guda na riƙe tun daga farko har ƙarshe, na bon ɗin gazuwal, kuma alkaluman da ke ciki na koyarwa ne kawai, ba na wata ma'aikata ba ne.

1. Mi ne ne bambancin konsta da shawara, ba duk abu guda ba ne?

A'a. Konsta shi ne abin da ka gano, wato tazarar da ke tsakanin yadda ƙa'ida ta ce a yi da yadda ka tarar ana yi, kuma kana da hujja a hannu. Shawara kuwa ita ce abin da kake cewa a yi don tazarar nan ta rufe kuma kada ta sake buɗewa. Na farko yana kallon baya, ta biyu tana kallon gaba. Inda sababbi ke faɗawa rami shi ne su rubuta "ya kamata a riƙa sa hannu a bon" a wurin konsta, to wanga ai shawara ce ta sa rigar konsta, babu abin da ka gano cikinta, ba ka gaya mana bon nawa ka duba ba, nawa ne babu sa hannu, wace ƙa'ida ce ta ce a sa. In ka ga "ya kamata" ko "babu isasshen" a layin farko na konsta ɗinka, tsaya ka sake.

2. Waɗanne sassa ne ya kamata konsta ya ƙunsa?

Huɗu ne, shawara ta zama ta biyar. Ƙa'ida, wato ma'aunin da kake aunawa da shi: sashe kaza na littafin tsarin aiki na ma'aikatar, ko yarjejeniyar mai ba da kuɗi, ko doka kamar ta lissafin OHADA da ta wajabta ƙidayar kaya aƙalla sau ɗaya a shekara. Sai halin da ka tarar. Sai dalili, mi ya sa abin ya faru. Sai illa, mi ma'aikata ta rasa ko take iya rasawa. Waɗanda suka yi karatu ta ɓangaren Faransanci sun san takardar nan da ake kira FRAP, mai gidaje biyar: matsala, abubuwan da aka tarar, dalilai, illoli, shawarwari. Tsarin kusan ɗaya ne, sai dai ita da matsala take farawa a madadin ƙa'ida.

Sababbin ƙa'idojin IIA, wato cibiyar masu odit na cikin gida ta duniya, waɗanda aka fitar ranar 9 ga Janairu 2024 suka fara aiki 9 ga Janairu 2025, su ma haka suka tafi. Lamba 14.3 ta ce a auna girman kowane konsta, a nemo asalin dalilinsa tare da masu aikin in zai yiwu, a jera su bisa muhimmanci, lamba 14.4 kuma ita ce ta shawarwari da tsarin gyara. Ba sai ka haddace lambobin ba, amma in wani shef ya ce maka "wa ya ce sai ka rubuta dalili", ka san inda za ka nuna masa.

3. A ba mu misali cikakke mana, mu ga yadda sassan nan ke zama

To, mu ɗauka wata ƙungiya ce mai hedikwata a Yamai da reshe a Tahoua, motoci suna zirga-zirga Ƙonni, Madawa, Illela, ana shan gazuwal a tashar mai guda da bon, ƙarshen wata tashar ta kawo faktir a biya. Ƙa'ida: sashe na 4.2 na littafin tsarin aiki ya ce kowane bon sai an rubuta lambar mota da kilomitan da agogon motar ya nuna, kuma kowane wata a gwada bon da littafin tafiyar mota da faktir kafin a biya. Halin da aka tarar: daga Janairu zuwa Maris an fitar da bon 400 na sefa miliyan 12, mun zaɓi 60, cikinsu 18 babu kilomita kuma ba su dace da kowace tafiya cikin littafin mota ba, kuɗinsu jika 540, kuma faktir uku na watannin nan duk an biya su ba tare da takardar gwaji ba.

Dalili, kuma nan ne aikin yake: na ɗaya, kundin bon ɗin da aka bugo a madaba'a bara babu gidan kilomita a jikinsa, wanda ya rubuta a gefe ya rubuta ne don kansa. Na biyu, gwajin wata-wata aikin mataimakin mai kula da motoci ne, shi kuwa ya bar aiki tun Disamba, ba a ɗauki wani ba kuma ba a ɗora wa kowa aikin a rubuce ba, kontabul na biyan faktir don babu abin da ya hana shi biya. Illa: jika 540 ba a iya nuna cewa aikin ƙungiya aka yi da su, mai ba da kuɗi na iya ƙin karɓarsu ya ce a mayar, kuma muddin haka take in an sha mai a jarka aka kai gida babu wanda zai gani.

Lura ban ce an sata ba. Na ce ba a iya nunawa. Tambaya ta 12 ta yi magana kan wanga.

4. To shawarar da wane sashe ake ɗaure ta?

Da dalili. Wagga ita ce amsar da in ka riƙe ta sauran duk sauƙi ne. Mafi yawan rahotannin da nake gani suna ɗaukar halin da aka tarar su juya shi kawai: "bon 18 babu kilomita" sai shawara ta ce "a riƙa rubuta kilomita a bon". A ido kamar an haɗa su, lamba ma ta dace, amma ba ka ƙara wa kowa komai ba, sashe na 4.2 ai tuni ya faɗi haka kuma ba a yi ba, kai ka sake faɗa da wata murya. Shef ɗin reshe zai amsa maka "mun amince", ya tara direbobi ya yi musu faɗa, sati biyu a rubuta a gefen takarda, wata na uku a koma gidan jiya, badi ka dawo ka rubuta konsta iri ɗaya.

In ka kalli dalilan biyu na tambaya ta 3, shawarwarin da kansu suke fitowa. Dalili na ɗaya kundi ne marar gidan kilomita, shawara: a janye tsofaffin kundaye, a bugo sababbi masu gidan lambar mota da kilomita, a rubuta wa tashar mai cewa bon da gidajen nan suke fanko ba za a biya shi ba. Dalili na biyu aiki ne da ya zama maraya, shawara: a ɗora gwajin wata-wata kan wani muƙami a rubuce, kuma kontabul kada ya shirya biyan faktir sai takardar gwaji mai sa hannu na manne da ita. Ka ga kowace tana da ƙugiyar da take rataye.

Akwai shawara ta uku da ta halatta ta rataya kan halin da aka tarar, ita ce ta gyaran abin da ya riga ya ɓaci: a binciki bon 18 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a duba sauran 340 da ba mu taɓa ba, abin da ba shi da hujja a san yadda za a yi da shi. Wagga tana share ruwan da ya zuba a ɗaki, waɗancan biyun su ne ke toshe rufin da ke yoyo, kuma rahoto mai kyau yana nuna wacce ce wacce.

5. Ta yaya zan gano dalilin gaskiya? Kullum "sakaci" ko "rashin bin ƙa'ida" nake rubutawa

"Rashin bin ƙa'ida" ba dalili ba ne, shi ne konsta ɗin kansa ka maimaita. "Sakaci" kuwa sau da yawa alama ce ta cewa ba ka tashi daga kujerarka ba. Dalili a bakin masu aikin yake da cikin takardunsu. Je wajen direba ka ce masa Malam, don Allah nuna mini yadda kake cika bon, kada ka tambaye shi mi ya sa bai cika ba, zai rufe baki. Da ya buɗe kundin gabanka za ka ga da idonka babu gidan. Je wajen kontabul ka ce Hajiya, kafin ki biya faktir ɗin mai mi da mi ake kawo miki, ta lissafa, ka ji babu takardar gwaji cikin lissafin, sai ka tambayi wa ke yinta da, daga nan labarin wanda ya tafi Disamba ya fito. Ka yi ta tambayar "mi ya sa" har ka isa wurin da ma'aikata ke da ikon canzawa, nan za ka tsaya. In ka wuce nan za ka kai ga tsadar rayuwa da halin ɗan Adam, waɗannan kuwa ba darakta ne zai gyara su ba.

Kuma dalili shi ma yana son hujja. Kwafin bon ɗin fanko, takardar barin aikin mutumin, takardar da ta fayyace aikin kowane muƙami, duk su shiga dosiye. In ka yi iya ƙoƙarinka ba ka gano ba, rubuta hakanan a rahoto, shawararka ta zama masu aikin su binciko dalilin su kawo tsarin gyara kafin rana kaza. Ya fi ka ƙirƙiro dalili don gidan kada ya zauna fanko, don shawarar da aka ɗaure da dalilin ƙarya kuɗi kawai za ta ci.

6. Yaya ake sa lamba don mai karatu ya ga haɗin?

Lambar shawara ta ɗauko lambar konsta ɗinta. Konsta C1, shawarwarinsa R1.1, R1.2, R1.3. Kada ka jera shawarwari 1 zuwa 25 a ƙarshen rahoto su kaɗai, konsta kuma suna can shafi na 8, wanga tsari ne ke haifar da marayu. Kowace shawara ta zauna ƙarƙashin konsta ɗinta cikin jikin rahoto, sannan a ƙarshe ka yi tablo guda da ya tattara su, kamar haka:

```
Constat | Cause | Reco | Responsable      | Échéance
C1      | C1-a  | R1.1 | Chef logistique  | 30/06
C1      | C1-b  | R1.2 | Chef d'antenne   | 31/05
C1      | -     | R1.3 | Comptable        | 31/05
```

Gidan na biyu shi ne mutane ke tsallakewa kuma shi ne ya fi amfani, yana tilasta maka ka faɗi wane dalili kowace shawara ke kashewa, C1-a da C1-b su ne dalilan biyu na tambaya ta 3. R1.3 babu dalili gabanta don ita ta gyaran baya ce, duba ƙarshen tambaya ta 4. Da zarar rahoto ya fita lambobin nan sun daskare, ko an rufe R1.2 ba a ba wata lambarta, in ba haka ba bin sawu zai rikice.

7. Konsta guda na iya samun shawarwari da yawa? Shawara guda fa ta iya ɗaukar konsta biyu?

Duka biyu suna faruwa. Konsta mai dalili biyu yana son shawara biyu, musamman in mutane daban ne za su aiwatar, don shawarar da aka ɗora wa mutum biyu ba ta da mai ita. Amma in ka ga konsta guda ya haifi shawarwari bakwai, ko dai konsta biyu ne ka cusa wuri guda, ko kuma kana rubuta wa mutane tsarin aikinsu ne daki-daki, abin da ba naka ba.

Ɗaya ɓangaren ya fi daɗi. Mu ce C3 ɗinka shi ne ba a yi ƙidayar tayoyi da batura na magazan ba tun Disamba, ka bi dalili sai ka tarar muƙamin nan ne dai da ya zauna fanko. To kada ka rubuta sabuwar shawara mai kama da R1.2 da wasu kalmomi, za a ƙirga su biyu, a rufe ɗaya a bar ɗaya. Ko ka haɗa su konsta guda mai suna "ayyukan muƙamin da ba a sake rabawa ba" da misalai biyu ƙarƙashinsa, ko ka bar su daban ka rubuta ƙarƙashin C3 cewa a duba R1.2, ka faɗaɗa R1.2 ta ƙunshi ƙidayar, tablo kuma ya nuna layi biyu masu lambar shawara guda. Ni na fi son haɗawa, don darakta ya ga ciwo ɗaya ne ya fito ta wuri biyu.

8. Shawara ba konsta fa? Ina da dabara mai kyau amma ban gano wani kuskure ba

Kowa na da irinta, "a sayi manhajar kula da motoci", "a sa na'urar bin sawu a kowace mota". Tambayi kanka wace tazara take rufewa kuma ina hujjarta cikin dosiye. In akwai, to konsta ne ba ka rubuta ba, koma ka rubuta shi. In babu, fitar da ita daga jerin shawarwari, ka sa ta wani ɗan sashe daban na hanyoyin ingantawa wanda ba ya da lamba R kuma ba a bin sawunsa, ko ka faɗa da baki wajen taron rufewa. Konsta ba shawara kuwa yana yiwuwa in an riga an gyara kafin rahoto ya fita, sai ka rubuta an gyara, ranar kaza, ga abin da ka gani da ya tabbatar, ƙa'ida ta 15.1 ma ta ce a ambaci gyaran da masu aiki suka riga suka fara. Bayan wanga, konsta tsirara babu shawara babu tsarin gyara bai kamata ya fita ba.

9. Da waɗanne kalmomi ake rubuta shawarar kanta?

Fara da aikin da ido ke iya gani an yi shi ko ba a yi ba: a janye, a bugo, a ɗora wa, a dakatar da biya. Guji "a ƙarfafa", "a inganta", "a sa ido", "a wayar da kai", waɗanda a rahotanninmu na Faransanci suka cika ko'ina, don bayan wata shida babu wanda zai iya cewa an ƙarfafa ko ba a ƙarfafa ba. Gwaji mai sauƙi: in na dawo Tahoua watan Satumba, wace takarda zan ce a miƙo mini da za ta nuna an yi? Ga R1.1 sabon kundi da wasiƙar da aka aika wa tashar mai. Ga R1.2 takardar ɗora aiki da takardun gwaji na wata uku manne da faktir. In ba ka iya faɗin takardar ba, shawarar ba ta nuna ba tukuna.

Sai muƙamin da zai yi da ranar gamawa, muƙami ba sunan mutum ba don mutane na tafiya, misalinmu ma tafiyar mutum ce ta jawo shi. Ranar kuwa masu aikin ne ke ba da ita, kai ka duba ko ta dace da girman haɗarin. Kuma ka tsaya kan mi za a cimma, ka bar musu yadda. Kada ka zana musu sabon bon da hannunka ka ce wanga za a buga, badi kai ne za ka zo duba shi, ba ka iya zama alƙalin aikin da ka yi da kanka. Wani abu kuma, auna kuɗin gyara da girman illa, ba a ba da shawarar ɗaukar ma'aikaci mai albashin shekara don tsare abin da bai kai albashin wata biyu ba.

10. Zan iya cewa kashi 30 cikin 100 na kuɗin mai duka ba su da hujja, tunda 18 cikin 60 ne?

Ya danganta da yadda ka zaɓi 60 ɗin. In kai ka tsinto waɗanda suka ba ka shakka, to 18 ɗin nan 18 ne kawai, jika 540, ba ka da ikon ninka su. In zaɓin ƙuri'a ne tsakani da Allah cikin 400, kana iya cewa in haka sauran suke abin na iya kai wajen miliyan 3 da jika 600, amma ka rubuta shi a matsayin ƙiyasi, a gidan illa, kada ya shiga gidan halin da aka tarar. Dalilin da ya sa na sako wagga tambaya nan shi ne girman illa ke ba konsta matsayinsa, babba ko matsakaici ko ƙarami, shawara kuma matsayin konsta ɗinta take gada. Konsta ƙarami da shawara mai "gaggawa", ko babba da ranar gamawa shekara mai zuwa, alama ce haɗin ya tsinke wani wuri.

11. Shef ya ce ya yarda da konsta amma bai yarda da shawara ba, ko ya ƙi duka. Mi zan yi?

Raba su biyu. In konsta yake musu, maganar hujja ce: a zauna a buɗe bon 18 ɗin, in ya kawo takardar umurnin tafiya da ta bayyana 5 cikinsu, alhamdu lillahi, ka mayar da alkalumanka 13 ba tare da jin kunya ba. Shi ya sa ake nuna wa masu aiki kowane konsta tun ana cikin aiki, ba ranar taron rufewa ba. In shawara ce yake musu, saurare shi da kyau don sau da yawa ya fi ka sanin wurin. Zai iya ce maka Malam odita, bugo sabon kundi sai Yamai ta amince kuma wata uku ne, mu bari mu sassaƙa tampo mai gidan kilomita mu buga a bayan kowane bon, sati guda an gama. Wagga ta kashe dalili C1-a? Ta kashe. To karɓa, ka sauya R1.1, abin da kake karewa dalilin ne ba jimlarka ba.

In kuwa abin da ya kawo bai taɓa dalilin ba, misali "za mu ja kunnen direbobi", ka rubuta amsarsa yadda ya ba da ita ƙarƙashin shawarar, ka rubuta naka bayanin cewa kundin na nan yadda yake, ku bar masu karatu su gani. In haɗarin da ya zaɓi ya zauna da shi ya wuce abin da ma'aikata za ta iya ɗauka, wanga ba rigimarka ba ce kai ƙaramin odita, shugaban odit ne zai kai ta gaban manyan daraktoci, in ba ta warware ba ta je kwamitin gudanarwa, haka ƙa'ida ta 11.5 ta tsara.

12. In ina zargin sata ce fa, in rubuta sunan direban?

A'a. Ka sanar da shugaban odit da baki da gaggawa, shi ya san hanyar da za a bi, binciken zamba aiki ne daban mai nasa tsari da nasa sirri. Cikin rahoton odit ka tsaya kan abin da takardu suka nuna, da muƙamai. Garuruwanmu ƙanana ne, rahoto na yawo, ka rubuta sunan mutum bisa zato gobe ku haɗu wajen suna ko jana'iza, kuma in ya fito da hujja kai ne cikin matsala. Shawarar "a hukunta wane" ma ba ta rataye da kowane dalili cikin biyun da muka gano, ka kore shi yau kundin bai sami gidan kilomita ba.

13. Wane dubawa zan yi kafin in miƙa daftari?

Karanta rahoton daga ƙasa zuwa sama. Ɗauki kowace shawara, rufe sauran shafin da hannunka, ka tambayi kanka: in an yi wagga daidai yadda na rubuta, wane dalili ne ya mutu? Sai ka buɗe ka ga ko dalilin na nan a rubuce. Sannan ka juya, ɗauki kowane dalili ka nemi shawararsa. Wanda ya fi wanga shi ne ka ba abokin aiki da bai je wurin ba shawarwarin kaɗai ka ce ya yi hasashen konsta, in ya ce maka "wagga ai ko'ina ana iya rubuta ta", ya gaya maka gaskiya.

In rahoton babba ne Excel na taimakawa wajen kama marayu. Jera lambobin konsta a shafi guda gidan A daga A2, tablo na tambaya ta 6 a wani shafi mai suna Recos, ka sa wanga a B2 na shafin farko ka ja shi ƙasa:

```
=NB.SI(Recos!A:A;A2)
```

Duk inda ya ba da 0, konsta ne marar shawara. Ga mai Excel na Ingilishi sunan aikin COUNTIF ne, kuma in saitin kwamfutar ma na Ingilishi ne, da waƙafi a madadin `;`. Amma ka sani lamba kawai yake gani, "a riƙa rubuta kilomita" ma zai ƙirga ta 1, shi ya sa ba ya maye gurbin karatun da na faɗa a sama.

14. Yaushe ake cewa an rufe shawara?

Ba ranar da shef ya turo saƙo cewa an yi ba. Ƙa'ida ta 15.2 ta ɗora wa odit tabbatar da cewa an aiwatar, gwargwadon girman konsta. Ƙarami, kwafin takarda ya isa. Babba kamar C1, ka nemi takardun da muka lissafa a tambaya ta 9, sannan ka sake gwajin farko: ɗauki bon 30 na watannin bayan gyara ka duba kilomita, ka ɗauki faktir na watannin ka ga ko takardar gwaji na manne kuma ranarta ta riga ranar biya, don ana iya cika ta bayan an biya a manna don odita. In an buga tampo, an ɗora aiki, amma cikin 30 har yanzu 8 fanko ne, to R1.1 an aiwatar da ita, C1 kuwa yana nan da ransa, ka rubuta su hakanan daban-daban cikin tablo ɗin bin sawu, ka koma tashar mai ka tambayi mai zuba man ko wasiƙar nan ta taɓa isowa hannunsa.